Ɗaki mai mita 4,30 da 3,70: kwali tara na karo ko goma sha ɗaya?

Maman Abba: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanku da yamma. Don Allah masu sanin gini ku taimake ni da lissafi. Mun ƙara ɗaki guda a gidanmu nan unguwar Zariya, an gama yaɓe, saura a sa karo, wato tayil, a ƙasa. Tsawonsa mita 4 da santi 30, faɗinsa mita 3 da santi 70, kusurwa huɗu ne, ba lungu ba saƙo. Karon da na zaɓa 40 da 40 ne, guda 12 a kwali. Mai shago a babbar kasuwa ya danna waya ya ce kwali tara ya ishe ni. Mai aikin da zai sa ya leƙa ɗakin ya ce in sayo goma sha ɗaya. Kwali biyu ba ƙaramin kuɗi ba ne a wurina, kuma maigida yana Agadas, ya ce in tambaya tukuna kafin ya turo. Wa ke da gaskiya a cikinsu?

Ila: Wa alaikumus salam. Hajiya duk su biyun cutarki za su yi. Ɗakin ai mita 16 ne kusan. Karo santi 40, wato 0,4. A raba 16 da 0,4 ya ba da 40. Kwali huɗu ma har da saura.

Lawali: Haba Ila, in ta bi naka rabin ɗakin ma ba zai rufu ba. Karo yana da tsawo yana da faɗi, duk biyun ake bugawa: 0,4 × 0,4 = 0,16. Ka duba da ido ma: a mita guda karo biyu da rabi ke jeruwa, haka ma ta ɗaya gefen, ka ga shida da kwata ke nan a kowane murabba'in mita.

Maman Abba ga lissafin. Faɗin ƙasar ɗakin 4,30 × 3,70 = 15,91. A raba da 0,16 a samu 99,4, sai a ce karo 100. A ƙara kashi goma cikin ɗari na yanka da fashewa, ya zama 110. A raba da 12, kwali tara da ɗan ɗoriya. Tunda ba a raba kwali, goma za ki saya. Mai shago bai sa rarar yanka ba, mai aiki kuma ya zarce.

Ila: To ai ni mitar tsawo na lissafa, na ɗauka abin da take tambaya ke nan.

Alhaji Mamman: Ni dai gidaje na gina ba ɗaya ba ba biyu ba, kuma ban taɓa sayen abin da mai aiki ya faɗa ba. Kwali tara karo 108 ne. Ɗaki na cin 100. Takwas ba rara ba ce? Ɗiyata ki sayi tara, in bai isa ba kasuwa ba ta tashi ba, a aiki yaro ya ƙaro.

Habsu: Alhaji a yi mini afuwa, wannan shawarar ita ta ja mini. Falona aka sa wa karo bara, ya rage layi guda ta bakin taga ya ƙare. Muka koma shagon bayan albashi, aka ce wancan ya ƙare amma an kawo irinsa, zane ɗaya suna ɗaya. Da aka sa ya bushe, sai ga shi tsohon ya ɗan ja zuwa ruwan madara, sabon kuma fari tas. Da dare ba ka gani, amma da hantsi in rana ta shigo kowa sai ya tambaya. Yanzu doguwar kujera na ja na rufe wurin.

Alhaji Mamman: Wannan rashin sa'a ne kawai Habsu.

Malam Isufu mai karo: Salamu alaikum. Yanzu na taso daga aiki, na ga maganar da ake yi. Alhaji, ranka ya daɗe, ba rashin sa'a ba ne. Karo gasa shi ake yi a wuta, kuma gashin yau da na wata mai zuwa ba su fita launi ɗaya daidai, wani lokacin har girman ya bambanta da milimita ɗaya ko biyu. Shi ya sa ake buga lamba a jikin kwali, banda sunan zane. Mai saye ya duba kwalayensa duka lambar ta zama ɗaya. Kayan nan kuma daga nesa suke zuwa mana, in mota ta sauke aka sayar, ba wanda zai yi maka alkawarin irinsa zai dawo.

Maman Abba, amsar Malam Lawali ta faɗa kusa da gaskiya, amma hanyar da ya bi ba ita nake bi ba, kuma a ɗakin ga akwai abin da ta ɓoye. Mu ba faɗin ƙasa muke shimfiɗawa ba, layi muke jerawa. Sai a tambaya, karo nawa ke shiga a tsawo, nawa ke shiga a faɗi.

Tsawo santi 430 ne. Tsakanin karo da karo ana barin 'yar tazara, mu ce milimita 3, to kowane karo yana cin santi 40,3. Goma sun ci 403, saura 27. Ke nan karo goma cikakku da na sha ɗaya wanda za a yanke. Wanga ba laifi, 27 yanki ne mai kyau.

Faɗi santi 370 ne. Tara sun ci 362,7, saura santi 7 da 'yan kai. A nan maganar take.

Maman Abba: Malam Isufu sannu da aiki. Ina biye da kai, amma ban gane matsalar santi 7 ba. Ba sai a yanko siriri a cika ba?

Malam Isufu mai karo: Ana iya yi, kuma shi ne hanya mafi araha. Bari in nuna miki duka biyun ki zaɓa.

Hanya ta farko: a fara daga kusurwa da karo cikakke. Cikakku 10 × 9 = 90. Ta gefen tsawo a yanka tara a santi 27, kowane ya bar guntu mai santi 13. Waɗannan guntayen su za a rage a cike sirin nan na santi 7 da su, saura wuri guda da kusurwa, karo ɗaya ya ishe su. Jimla 100 cif. A takarda Alhaji ya yi gaskiya, kwali tara ya isa har da takwas a gefe.

Amma siri mai santi 7 da tsawon 40 shi ne ya fi komai karyewa a hannun mai yanka. In injin hannu ne da ake ja a karya, ba ya bin layi, sai ya fashe ta gefe. In na faifai ne, baki yana ɓantarewa. Na biyu, siri a jikin bango shi ke tona asirin magini. In bangon ya karkace da santi biyu, sirin zai fara da 7 ya ƙare da 5, duk wanda ya shigo zai gani. In yankin santi 24 ne ya koma 22, ba mai lura.

Shi ya sa hanya ta biyu: a cire layi guda cikakke, a haɗa shi da sirin, a raba biyu. 40,3 da 7,3 sun yi 47,6, rabinsa kusan 24, in an bar 'yar tazara a jikin bango ya dawo wajen 23. Sai ɗaki ya zama layi takwas cikakku a tsakiya, da layin yanka ɗaya a kowane gefe. Ya fi kyau nesa ba kusa ba. Sai dai karo mai santi 40 ba ya ba da 23 sau biyu. Kowane yanki karo guda yake ci, ya bar guntu mai santi 16 ko 17 wanda ba shi da wurin zama a ƙasa.

Mu ƙirga: cikakku 10 × 8 = 80. Layukan gefe biyu, 11 kowanne, 22. Na ƙarshen tsawo masu santi 27, guda 8. Jimla 110. Kuma wannan 110 ɗin ko ɗaya bai fashe ba tukuna.

Lawali: To ai Malam mun haɗu ke nan, 110 na ce.

Malam Isufu mai karo: Mun haɗu a lamba, ba mu haɗu a ma'ana ba. Kai 110 ɗinka ka ce har da fashewa. Ni nawa yanka kaɗai ya cinye goman nan duka. In an buɗe kwali aka tarar da biyu sun tsage tun a mota, ko yaro ya yanka ɗaya ba daidai ba, daga ina za a ɗauko? Abin da ya cece ka shi ne kwali goma 120 ne, akwai goma a sama.

Lawali: Na yarda a wannan ɗakin. Amma kashi goma ai ba ni na ƙirƙiro ba, ko'ina haka ake cewa, kuma yawanci yana fita daidai.

Malam Isufu mai karo: Yana fita a babban wuri. Yanka a jikin bango yake, ba a tsakiya ba. Falo mai mita takwas da shida tsakiyarsa ta fi gefensa yawa, kashi biyar ko bakwai ma kan isa. Ƙaramin ɗaki da bayi kusan duk gefe ne. Kamar tela ne, yadin da zai yi wa babba riga ba a raba shi biyu a ce ya ishi yaro, wuya da hannu suna nan sai an yanka. Ni kashi goma ina amfani da shi in ba wa mutum ƙiyasi a waya. In za a fitar da kuɗɗi, layi nake ƙirgawa.

Rabi'u: Yaya Maman Abba, ni shawarata daban ce. Ki bar 40 ɗin nan, an wuce wurin. Nan Katsina da nake aiki yanzu duk 60 da 60 ake sawa, layukan tazara kaɗan ne, datti ba ya maƙalewa, kuma tayil kaɗan za ki saya. 15,91 a raba da 0,36 ai 45 ne kawai. Huɗu ne a kwali, sha biyu ya wadatar.

Nana Hadiza: Ni ma manya sun fi burge ni gaskiya.

Malam Isufu mai karo: Rabi'u, manya suna da kyau, ni ma na fi son sa su in ƙasa ta daidaita. Amma jera su a ɗakin ga ka gani. Da tazarar milimita 2, bakwai sun ci 421,4 a tsawo, saura santi 8 da rabi. Shida sun ci 361,2 a faɗi, saura kusan 9. Siri ta nan, siri ta can. Cikakku 42 ne, sai siraran 14 har da na kusurwa. Kowane siri yana son baki guda na asali, wanda zai kalli ɗan uwansa, yankakken bakin ya ɓuya a jikin bango. Karo guda siri biyu irin haka yake bayarwa, ɗaya ta kowane gefe. Ka ga bakwai ke nan, jimla 49, kwali sha biyu kuma 48 ne.

In kuma aka ce a raba tsakiya don a kauce wa siri, yankin gefe zai zama wajen santi 34. Ya wuce rabin 60, biyu ba su fita daga ɗaya. Sai ka koma 8 × 7 = 56, kwali 14. Kwalin murabba'in mita 1,44 ne, 14 sun yi 20,16, a ɗakin da bai cika 16 ba. Rarar ta haura kashi ashirin da shida. Ina kashi goma a nan?

Rabi'u: Kai! To amma ai gado da kabad za su rufe sirin, wa zai gani?

Malam Isufu mai karo: Wannan magana ce, kuma mai ɗaki ke yanke ta, ba ni ba. In an san bangon da gado zai jingina, ana iya tura sirin can. Sai dai gado yana tashi, karo ba ya tashi.

Alhaji Mamman: To ka gani. Ni da na ce tara, ai hanyar farko nake nufi. Ɗakin kwana ne, ba masallacin Juma'a ba. A tura sirin bayan gado a huta.

Habsu: Alhaji kai dai ba ka son a kashe kuɗi.

Alhaji Mamman: Wanda ya nemo su ya san zafinsu.

Maman Abba: Allah ya saka da alheri, na fara ganin haske. Ni dai ba na son sirin nan, ɗakin baƙi ne, ba kullum gado zai zauna wuri ɗaya ba. Ke nan goma. To shi mai aikina daga ina ya samo sha ɗaya? Ko so yake ya tafi da saura?

Malam Isufu mai karo: Kada ki zarge shi tukuna. Ki tambaye shi abu biyu: ya sa karon gindin bango a lissafinsa? Ya sa dokin ƙofa?

Maman Abba: Na kira shi yanzu. Ya ce eh, har da na gindin bango, santi 8 zai yi tsayinsa, kuma daga wannan karon zai yanka don launi ya zo ɗaya. Ƙofa guda ce, santi 90.

Malam Isufu mai karo: To mu lissafa. Kewayen ɗakin 4,30 + 3,70 sau biyu, mita 16. A cire ƙofa, saura 15,10. Kowane yanki santi 40 ne, ana son 38.

Nan guntayen da muka ce ba su da wurin zama a ƙasa za su yi rana. Muna da 22 masu santi 16, da 8 masu santi 13, talatin ke nan, kuma kowanne yana da dogon baki guda na asali. Shi ake juyawa sama, don bakin da aka yanka yana da kaifi kuma jan yumɓun ciki yana nunawa. Saura takwas, su ci karo huɗu. 110 da 4, 114.

Dokin ƙofa kuma kaurin bango ne. In bulo mai santi 20 aka yi gini da shi, da yaɓe ya kai wajen 23, sai a sa masa karo uku, tunda layukan sai sun bi na cikin ɗaki. 117 ke nan. Cikin 120 saura uku.

Uku su ne na tsagewa a hanya, su ne na kuskuren yanka, su ne kuma na ajiya. Mai aikinki ya ga abin ya matse, ya ƙara kwali. Ba sata ba ce. Mai hannu mai kyau zai iya fita da goma, amma ba zai bar miki komai ba.

Lawali: Malam amma ka yi tsanani a kan bakin asali. Guntu mai santi 16 ai siri biyu masu 8 zai bayar. 22 sau biyu 44, sun wuce 38, ba sai an taɓa sabon karo ba. A goge bakin da dutse, a shafa siminti a sama, fenti ya rufe.

Malam Isufu mai karo: Ana yi, na sha gani, wani wurin ma ya yi kyau. Amma faifai yana cin milimita biyu a kowane yanka, in guntun 16 ne cif biyun ba za su cika 8 ba, sai a sauke tsayin duka zuwa 7 da rabi. Kuma gugar baki aiki ne, mai aiki zai nemi ƙari. Karo huɗu ka tsira da su, ka biya a guga.

Lawali: Duk da haka hanya ce. Da ita saura bakwai a kwali goma, ba uku ba.

Malam Isufu mai karo: Hanya ce, ban musa ba.

Nana Hadiza: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni nawa ɗakin a Tibiri so nake a jera shi a karkace, kusurwa na kallon ƙofa, irin wanda na gani a gidan yayata. Lissafin ɗaya ne?

Malam Isufu mai karo: Ba ɗaya ba ne. A karkace duk karon da ya taɓa bango sai an yanka shi, bango huɗu duka, ba biyu ko uku ba. In an yi sa'a rabi-rabi yake faɗuwa, karo ɗaya ya ba da biyu. In ba a yi ba, guntaye masu kusurwa uku ke taruwa, kuma su ba su yin gindin bango. Mukan sa kashi goma sha biyar, ƙaramin ɗaki har ya fi. Turo awonki in zana a takarda, wanga ba a yi da ka.

Nana Hadiza: Ƙafa 14 da 12 magini ya ce mini.

Rabi'u: Ƙafa guda santi 30,48 ce. 14 ta zama mita 4,27, 12 ta zama 3,66. Kusan ɗakin Maman Abba ne.

Malam Isufu mai karo: Kusan. Amma 14 da 12 ɗin na kafin yaɓe ne ko na baya? Magini abin da ya ja a tushe yake faɗa. Yaɓe yana cin santi ɗaya da rabi ko biyu a kowane bango. Ki sa a auna ciki da mitar awo. Kuma dubi abin da santi huɗu ke yi: in faɗin 366 ne, tara sun ci 362,7, saura uku, ka cire tazarar bango biyu, kusan ba abin da ya rage. Sai mutum ya ɗan buɗe tazara ya fita da layi tara ba yanka ko ɗaya ta wannan gefen. Ɗakin Maman Abba ya fi shi da santi huɗu kacal, shi kuma layi goma yake ci.

Wannan ya tuna mini. Maman Abba, 4,30 da 3,70 ɗin nan wa ya auna, kuma a ina ya ɗora mitar?

Maman Abba: Abba ne ya auna da mitar ɗinki na, ta bakin ƙofa.

Ila: Mitar tela ai mita ɗaya da rabi ce, sau uku ya ɗaga ta ke nan.

Malam Isufu mai karo: Ila wannan karon ka faɗi gaskiya. Duk ɗagawa tana iya cin santi guda, kuma ta tela tana miƙewa in ta tsufa. A aro ta ƙarfe mai mita biyar wajen magini. A auna faɗi wuri uku, ta wannan kai, ta tsakiya, ta wancan kai, a ƙasa ba a tsayin ƙirji ba. Haka ma tsawo. Mafi girma shi ake lissafi da shi. Sannan a ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, a yi alama, a gwada ta a ɗaya ɓangaren. In ɗakin daidai yake, duka biyun za su zo wajen mita 5,67, ƙarshen zai ɗan wuce mitar sai a ƙarasa. In sun bambanta da santi uku ko huɗu, ɗakin ya karkace, kuma maganar siri bayan gado ta mutu, dole a raba tsakiya.

Abu na ƙarshe, ki auna karon kansa. Abin da aka rubuta 40 wani 39,6 yake, wani 39,8. A layi goma, milimita huɗu sun zama santi huɗu.

Alhaji Mamman: Isufu kai ka mai da sa karo karatun jami'a. Mu da can magini ke taka ɗaki da ƙafa ya faɗi kwali, kuma gidajen suna nan tsaye.

Habsu: Suna tsaye Alhaji, amma je ka ɗaga kujerunsu ka gani.

Maman Abba: Barkanku da kwana. An auna da ta ƙarfe da safen nan. Tsawo 430, 430, 431. Faɗi 369 ta bakin ƙofa, 370 a tsakiya, 372 ta wajen taga. Igiyar kusurwa ɗaya ta fi ɗaya da kamar yatsa biyu. Karon ban auna ba, yana shago. Bulon kuma na 15 ne, Abba ya ce kaurin bango a ƙofa santi 18.

Malam Isufu mai karo: Madalla. Bango ya buɗe da santi uku daga ƙofa zuwa taga. Da siri ne, zai fara da 6 ya ƙare da 9, ido zai kama shi tun daga tsakar gida. A raba tsakiya, yawan layi bai canza ba, 110 yana nan. Dokin ƙofa ya yi sauƙi, 18 sau biyu yana fita daga karo guda, biyu sun isa. 110 da 4 da 2, 116. Saura huɗu a kwali goma.

Ni in aikina ne zan ce sha ɗaya, don in bar miki kamar guda goma a ajiye. Wata rana turmi zai faɗi ko a fasa ƙasa don bututu, kuma irinsa ba zai samu ba. In kuɗɗin sun matse, ki sayi goma, amma ki buɗe kowane kwali a shago a gabanki, mai tsaga a canza tun can. A ɗora su a tsaye a adaidaita, ba a kwance ba, hanyar unguwa ba ta raga wa karo. Kuma ki ce wa mai aikin ya gama ƙasa duka kafin ya taɓa na gindin bango, kada ya zubar da guntu ko ɗaya.

Lawali: Ni har yanzu goma nake gani. Huɗu rara, ga kuma guntayen da za a iya raba biyu in abu ya ƙure. Kwali guda cur don ajiya ya yi yawa a ɗaki ɗaya.

Rabi'u: Ko ki tambayi mai shagon ko yana sayar da ɗai-ɗai daga buɗaɗɗen kwali. Goma da guda biyar sun raba gardama.

Habsu: In dai lambar jikin kwalin ɗaya ce. Buɗaɗɗen kwali sau da yawa ragowar tsohon kaya ne.

Maman Abba: Na tura wa maigida duk abin da kuka rubuta. Ya ce in je da Abba da mitar ƙarfen, mu auna karon, mu duba lambobin, mu ɗauki goma. In mai shago ya yarda ya ajiye mini kwali guda mai lamba ɗaya har ranar Juma'a da za a gama aiki, shi ke nan, in bai yarda ba in ɗauko sha ɗaya. Malam Isufu, in karon ya fito 39,6 lissafin zai canza?

Malam Isufu mai karo: Da tazara ya zama 39,9. Goma sun ci 399, na ƙarshen tsawo ya koma 31 ko 32, guntunsa ya ragu zuwa santi 8 ba cikakke ba in faifai ya ci nasa. Waɗannan takwas ɗin ba za su yi gindin bango mai santi 8 ba, sai a ƙara karo huɗu a madadinsu, 120 cif, ba rara ko ɗaya. Ko dai a sauke gindin bango zuwa 7, ko ki ɗauko sha ɗaya ba sai kin roƙi mai shago ba. Ki auna ki faɗa mini.

Nana Hadiza: Malam kada ka manta da nawa, gobe in sha Allah zan turo awon ciki.